Amsar mai wanki

Yayata ba ta taɓa karɓar allura a hannun mutum ba tare da ta ɗaga ta sama ta leƙa kafarta ba. A layinmu na teloli Sai-na-gani ake ce mata, kuma tana amsawa, don a wurinta yabo ne. In mai kawo yadi ya ce mata wannan ba ya zuba, sai ta yanki gefensa ta tsoma a ruwan zafi shi kuma yana tsaye. In mijinta ya ce ya kulle ƙofa, sai ta tashi ta murɗa da hannunta. Ni ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni ke guga da sa maɓalli a shagonta tun ina budurwa, amma har yau in na ninke kaya sai ta warware ɗaya daga tsakiya ta duba. Na yi fushi har na gaji na daina.

Da keke ɗaya ta fara, a barandar gidanmu. Da wannan halin nata na bin ƙwaƙƙwafi ta kai ga shago mai keke huɗu, domin duk wanda ya sa rigar da ta ɗinka ya san hammata ba za ta ɓarke masa a cikin mutane ba. Kayan 'yan makaranta ne abincinmu. Sai makarantar da muka fi dogara da ita ta koma sayen ɗinkakku daga kamfani, aiki ya tsaya cak. Teloli biyu suka tafi. Ta ukun, wadda muke kira Doguwa, ta ce za ta jira zuwa ƙarshen wata, daga nan ita ma sai haƙuri. Yaya ta fara rufe kekunan da zane, kuma na ji ta da kunnena tana tambayar wani dillali ko ana neman keke na hannu. Ranar na tsorata ƙwarai, don na san in kekunan suka fita shagon ya mutu.

Ana cikin haka wata mai kawo mana gyaran kaya ta ce asibitin kuɗi da ke bayan tasha ya gina sabon ɓangare, za su buƙaci zanen gado da labule da rigunan ma'aikata. Ta ba Yaya wata lamba, ta ce ta mai kula da kayan asibitin ce. Yaya ta yi mata tambayoyi kamar ta kama ta da sata, sannan ta zauna ta rubuta saƙo mai tsawon zanen gado: tarihin shago, hotunan ɗinki, da ranki ya daɗe a kowane layi.

Amsa ta zo da yamma, gajeriya: "Ba ni ke sayen kaya ba. Ni ɗakin wanki nake kula da shi."

Yaya ta juya wayar kamar za ta ga sauran maganar a bayanta. "Kin gani ko? Rabonta take nema. Ko kuma tana da 'yar'uwa tela, yanzu ta kwashe hotunana ta kai mata."

Na ce, "Yaya, matar nan fa gaskiya ta faɗa miki."

"Wa ke faɗin gaskiya da sauri haka?"

Kafin in ce wani abu ta riga ta tura: "To ba ni lambar mai asibitin." Babu gaisuwa, babu godiya. Alamar an karanta ta fito, shi ke nan. Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana, wayar shiru. Ni na ce a ɗinka wa matar riga mai kyau a aika mata, hannu ya san hannu. Doguwa ta ce a je ƙofar asibitin a tsare likitan da ke da asibitin in ya fito daga mota. Yaya ta ce ni ina so a ɗaure ta, Doguwa kuma tana so maigadi ya kore ta.

Abin da ya juya ta ba maganarmu ba ce. Wani mutum ne ya shigo shagon da jaka a kafaɗa, ya ce yana sayar da fitilu, a ba shi lambar mai ginin. Yaya ta kalle shi daga hula har takalmi ta ce, "Na san ka? In ba ka lambar mutum ka je ka ce ni na turo ka, gobe in fitilarka ta kama da wuta wa za a nema?" Mutumin ya fita yana gunaguni. Ita kuwa ta tsaya da almakashi a hannu, tana bin bayansa da kallo. Can ta ce, "Ashe mai wankin nan tana da hankali."

Ta jawo kujera kusa da teburin guga ta ce in ajiye abin da nake yi. Ta rubuta, ta goge, ta karanta mini, ta sake gogewa. Duk inda ta fara yabon ɗinkinta sai ta cire da kanta, ta ce matar ba saye za ta yi ba, me za ta yi da talla. Abin da ya rage shi ne wannan: "Na gode da kika amsa mini, ba dole ba ne a kanki. Ki yafe mini saƙona na biyu, na yi rashin ladabi. Ba lambar kowa nake nema ba. Wa ke yanke shawarar sayen zanen gado a wurinku? In kin ga ya dace, ga 'yar magana a ƙasa da za ki iya tura masa yadda take. In ba kya so sunanki ya shiga, ki gaya mini, ba zan ambace shi ba." A ƙasa ta sa layi biyu kawai: ita tela ce mai shago, tana ɗinkin kaya masu yawa, tana roƙon a ba ta dama ta kawo samfuri a duba.

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Yaya ta buɗe muryar wayar a fili don in zama shaida, domin ko kunnenta ba ta gama yarda da shi ba. Muryar babbar mace ce, ana jin injin wanki yana gurnani a bayanta.

"Baiwar Allah, wa ya ba ki lambata?"

Yaya ta faɗa.

"Me kika yi mata alkawari?"

"Ko zare. Ke me kike so a ciki?"

Na dafe kai. Amma matar dariya ta yi, gajeriya, irin ta wanda ya gamu da daidai da shi. Ta ce, "Abin da nake so shi ne in ci gaba da aikina. Wadda na gada a ɗakin nan korar ta aka yi, don ta kawo mai sabulu da ke ba ta nata a gefe. Tun daga nan duk wanda ya kawo ɗan kasuwa, ido na kansa. Kuma ki daina neman likita, bai san adadin zanen da ke asibitinsa ba. Manaja ce ke saye, mace ce, ba ta son dogon zance. Zan tura mata abin da kika rubuta. In ta neme ki, kada ki ce kin san ni, kada ki ce ni 'yar'uwarki ce. Ki faɗi yadda aka yi."

"To in ba ta neme ni ba?"

"Sai ki haƙura. Ni sau ɗaya zan tura."

Da ta kashe, Yaya ta ce wai muryar ta yi santsi da yawa, ƙila haɗa baki suka yi da manajar su ga farashinta su kai wa wani. Haka ta yi ta saƙa da warwara har ranar da saƙon manaja ya shigo, cewa ta zo da samfuri.

Ni na ɗauki ƙunshin samfurin. Ofishin ƙarami ne, a ƙarshen wani dogon lungu mai warin maganin goge ƙasa, da kwalaye jibge har kusa da taga. Manajar ba ta kai Yaya shekaru ba. Ba ta ko kalli ƙunshin ba, ta ce, "Me ke tsakaninki da mai wankinmu?"

"Ban taɓa ganin fuskarta ba."

"Kowa haka yake cewa. Me kika ba ta?"

Na ga wuyan Yaya ya kumbura. Matar da ta ƙare rayuwarta tana tuhumar mutane, yau ga ta a tsaye ana tuhumarta, kuma ta san da ita ce a kan kujerar abin da za ta tambaya ke nan. Na ji tausayinta, na kuma ji wani ɗan daɗi, Allah ya yafe mini. Ta buɗe wayarta ta ajiye a kan teburin. "Ga duk abin da ya shiga tsakaninmu. Ki karanta daga sama, har da wanda nake jin kunyarsa."

Manajar ta bi saƙonnin da yatsa. Da ta zo kan "To ba ni lambar mai asibitin" sai gefen bakinta ya motsa. Ta ɗauko tata wayar ta juyo mana da ita. A saman layi biyun Yaya, mai wankin ta ƙara nata: "Ban san ta ba, ban ga ɗinkinta ba. Lambata ta samu bisa kuskure. Amma ta tambaye ni kafin ta taɓa sunana, shi ya sa na turo."

Yaya ta karanta, ta sake karantawa.

Sai a lokacin aka kwance ƙunshin. Manajar ta ja bakin zanen da hannu biyu, ta duba kusurwa, ta ce za ta gwada mu da zanen gadon ɗaki ɗaya na sabon ɓangaren. In ya jure wanki, a yi maganar sauran. Ba alkawari ta yi ba, amma ya isa Doguwa ta zauna, ya isa a yaye zane daga kan kekuna.

A hanya na sake kawo maganar riga. Yaya ta ce in na kuskura na aika wa matar nan ko hankici, ni da shagon har abada. Saƙo kawai ta tura mata, cewa manaja ta gan ta, an ba ta gwaji, ta gode. Amsar ta zo: "Madalla. Sai ki yi da kyau."

Ranar da za mu kai kayan, na gama guga na ninke, Yaya ta zaro ɗaya daga tsakiya. A wata kusurwa ɗinkin ya ɗan kauce, abin da bai kai faɗin farce ba. Ta ɗauki reza ta fara farke shi tun daga farko, mai mota kuwa yana ta danna mana ham a waje.

Na ce, "Haba Yaya, manajar nan ko da tabarau ba za ta ga wannan ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba ita za ta wanke ba. In ya ɓarke, a hannun matar nan zai ɓarke, kuma ita za ta ɗauka ta kai ofis da kanta."