Sun cire Yaya daga ɗakin haihuwa

Sun hana yayata shiga ɗakin haihuwa, wai sunanta ba ya cikin rajistar ungozoma. Shekara ashirin da shida tana karɓar haihuwa a asibitin nan. Ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, da kuɗin ɗinkin hula ta yi makarantar jinya, kuma rabin yaran layinmu a tafin hannunta suka fara kuka. Yanzu mako uku ke nan tana zaune a benci bakin ƙofa, tana naɗe auduga.

Na raka ta ofishin rajista. Akawun, wata mata mai tabarau, ta juyo mana da fuskar kwamfuta ta yi bayani. An ɗauki hoton tsofaffin fom, na'ura ta karanta rubutun. Tsohon fom layi ɗaya gare shi na suna, sabon tsari kuwa gida biyu yake so, sunan mutum da sunan mahaifi. Sai aka kafa ƙa'ida: a cire laƙabi, kalmar farko ta zama sunan mutum, ta ƙarshe ta zama sunan mahaifi, ta tsakiya a ajiye ta gefe. Jerin laƙabin akwai Alhaji, Hajiya, Malam, Dakta. Babu Sista.

Yaya kuwa Sista ta fara rubutawa, don da shi kowa ke kiranta a wurin aiki. Sannan ta sa sunan Baba, sannan nata, yadda aka koya musu a makarantar jinya. Sai Sista ya zama sunanta, sunanta ya zama na mahaifinta, na Baba ya ɓace daga gidajen biyu. Da aka gwada da takardar shaidarta, bai dace ba.

Akawun ta ce masu suna Sista a rajistar sun kai arba'in. Na ce ashe uwa ɗaya ta haife su. Ba ta yi dariya ba. Ta ce tun farko ta roƙi a ware duk sunan da ake shakka a kai, mutum ya duba da ido, aka ce lokaci ya ƙure. Hoton fom ɗin yana nan, ga rubutun Yaya ɓaro-ɓaro, ga lambar shaidarta a ƙasa, amma gyara sai shugaba ya sa hannu.

A hanya Yaya ta ce, “Ƙanwata, bar faɗan nan. Ni hannuna nake tsoron ya manta aiki.”

Ita ta iya haƙuri, ni ban iya ba. Shugaban rajista, da kai nake: buɗe hoton fom ɗin, ka gwada lambar shaidarta, ka mayar da sunan ubanmu gidansa, ka ba ta takardar komawa aiki a makon nan. Sauran arba'in ɗin ma a duba su ɗaya bayan ɗaya.