Lamba Ɗaya Ta Rage

Shekarar da aka turo ni Ƙonni ina koyar da lissafi a lakwal, wana yana kabu-kabu. Moto ɗaya gare shi, wato babur, ja, kuma da shi ake ci da innarmu a Illela, da matarsa da 'ya'yansa. Albashina kuwa a lokacin sai ranar da aka ga dama.

A shekarar ne wani loto ya shigo gari. Mai sayarwa yana kafa tebur a bakin tasha. Lambobi ne daga ɗaya zuwa arba'in da tara, ka zaɓi shida, ƙarshen mako a fid da shida. In uku naka sun dace a ba ka ɗan abin goro, huɗu a ƙara, biyar kuwa ka yi arziki. Wana ya faɗa ciki tsundum. Tikiti goma yake yanka duk mako, saboda haka bayan wata guda ko biyu sai ya ci uku, tasha ta ɗauki ihu.

Sai rannan ya ci huɗu. Wayyo, da ma bai ci ba! Ya iske ni gindin itacen bedi ina gyaran takardun yara, ko moton bai kashe ba. Mushe yake ce mini, yadda 'yan lakwal ke kiran malami.

"Mushe, mi ka gani? Uku, yanzu huɗu. Lamba guda ta rage!"

Ya ce zai sayar da moton ya zuba kuɗin duka a mako ɗaya. A ganinsa tsani yake hawa, ya taka na uku, ya taka na huɗu, saura ya ɗaga ƙafa.

Na ce, "Yaya, zauna." Na nuna masa lambobin kirki shida ne kawai, na banza arba'in da uku, kuma duk mako daga farko ake somawa, kwandon da ake fid da lambobin bai san ka ci jiya ba. Tikiti ɗaya cikin kamar hamsin da bakwai ke cin uku. Huɗu, ɗaya cikin dubu da 'yan kai. Biyar kuwa ɗaya cikin dubu hamsin da huɗu. Na ce mai yankan tikiti guda duk mako zai ga uku kamar sau ɗaya a shekara, huɗu sau ɗaya a shekara ashirin, biyar sai ya shekara dubu yana jira. Kuɗin moton ba za su saya masa fiye da tikiti ɗari biyar ba, ke nan ko a yi haka sau ɗari, da ƙyar a dace sau ɗaya.

Ya kalle ni sheƙeƙe. "To ni ba shekara ashirin na yi ba na ci huɗu."

"Goma-goma kake yanka, kuma ka yi sa'a. Wallahi in ka sayar da moton nan ba za ka ci biyar ba."

Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tofar da yawun bakinka." Na ƙi. Me zan tofar? Lissafi ne, ba fata ba.

A gidanmu ba a yi wa mai shirin tafiya ko sana'a irin wannan magana. Ko ka ga rami a gabansa, "Allah ya ba da sa'a" za ka ce. Na sani sarai, amma na ɗauka zargin sa baki zai tsaya a kan moton, ba zai bi ni ba.

Ya sayar wa wani ɗan Malbaza, ya zuba kuɗin duka a tikiti. Da aka fid da lambobi, 'yan tikitinsa kaɗan suka ci uku, ko huɗun ma babu. Abin da aka ba shi bai kai kuɗin taya biyu ba.

Inna ta aiko in zo Illela. Na tafi da zaton za ta ce in lallashe shi. Na same ta tana sussuka, ba ta ko ɗago ba.

"Ka ji daɗi? Mutum ya ɗauko abinai, saura lamba guda, ka sa mai baki."

"Inna, ba haka abin yake ba."

"Ka rantse ko ba ka rantse ba?"

Na rantse kam. Raina ya ɓaci, kuma har yau in na tuna sai ya ɓaci. Mutum ya kai abincin gida teburin caca, amma ni ne mai laifi. Ba wanda ya zagi mai tebur. Shi har gaisuwa ake kai masa.

Wana ya koma Malbaza yana dakon siminti, buhu a ƙeya, tun safe har la'asar. Bai daina yankan tikiti ba, ɗaya-ɗaya dai yanzu. Abin da ya daina shi ne haɗuwa da ni ranar da ake fid da lambobi. In ya hango ni sai ya canza hanya.

Bayan damina matarsa ta haifi namiji, sunan ya faɗo daidai ranar fid da lambobi. Na sayi turmin atamfa, na sa aka wanke mini riga, na zauna ina jiran aike. Sai washegari aka kawo mini goro biyu da ƙafar rago, aka ce Inna ta ce in yi haƙuri, na san dalili.