Zakaran da na saya a hoto

Bayan 'yan bindiga sun kore shanunmu, abin da ya rage wa Inna kaji ne talatin da 'yan kai a bayan gidanmu na Maisandari. Da ƙwansu muke cefane. Zakaranta ya tsufa, sai ta ce in nemo mata wani.

A shekarun nan an hana babur, shingen bincike kuma ko'ina, daga unguwa zuwa kasuwa sai ka ɗaga riga sau biyar a ga ba ka ɗaure bam ba. Don haka muka koma sayen kaji ta waya. Akwai wani dattijo dillalin kaji, shi yakan turo hoto, in ya yi maka a aiko da ɗan Keke.

Ya turo hoton wani jan zakara, yana riƙe da shi ta fukafukai. Inna ba ta iya waya ba, amma ta iya kaza. Ta ƙura ido ta ce zankon da ke kansa ja ne, a miƙe, ba fari ba baƙi, gashin ma na sheƙi.

"Amma a hannu yake," in ji ta. "Ce masa ya ajiye shi a ƙasa. Mai lafiya kai sama yake tsayawa, wutsiya a ɗage, fukafukai a manne. A hannu ko gawa ma kyau take yi."

Ni da gajen haƙuri, ga sabis na wahala, na ce, "Inna, zakara ne fa, ba miji ba." Na aika a kawo.

Da ya iso na ga ya ɗan takure, na ce gajiyar hanya ce. Ban ware shi ba, na jefa shi cikin kajin.

Kwana biyar kaza ta fara faɗuwa. Kashi kore, numfashi da ƙyar, wasu wuyansu ya murɗe har baki na kallon sama. Waɗanda suka mutu na haƙa rami na binne. Sauran Inna ta miƙo mini wuƙa. Na taka ƙafa da fiffike ina yankawa ɗaya bayan ɗaya, suna tsalle suna fesa jini a bango, a rigata, a fuskata. Ita tana tsaye tana tsiyaya mini ruwa a hannu. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ko riga ban canza ba na nufi kasuwa. Na sami dillalin tsugune gaban kwandunansa.

"Wushe, ɗana," ya fara gaishe ni. Na ci kwalarsa na ɗaga shi, na kwaɗa masa mari, dattijon da a haife ya haife ni.

"Baba, ka kashe mu! Ka kashe mu!" Abin da nake ta faɗa ke nan.

A garin nan, a lokacin nan, mutum da jini a riga yana ihun an kashe su, ba wanda zai tsaya tambayar ko kaji ake nufi. Matasan sintiri suka rugo da gorori. Na farko ya same shi a ƙeya, ya kife kan kwando, kajinsa suka watse. Wani ya take masa hannu, na ji ƙarar ƙashi da kunnena. Ana ta dukansa a haƙarƙari, yana kare kai yana salati. Na faɗa kansa ina ihu, "Kaji ne! Maganar kaji ce!" Ni ma na sha gora biyu a gadon baya kafin 'yan layin kaji su janye su.

Muka jingina shi da rumfa, jini na bin gemunsa. Da hannun da bai karye ba ya laluba aljihu ya miƙo mini wayarsa.

"Ai biyu na tura maka," ya ce.

Na duba. Ƙarƙashin hoton farko akwai na biyu, wanda ban taɓa buɗewa a tawa wayar ba. Zakaran ne a ƙasa. Wuya a noƙe cikin kafaɗa, wutsiya ta faɗi, fiffike ɗaya ya saki, gashin baya a tashe. Ko yaron goye ya gani ya san ba lafiya. Ƙarƙashinsa kuma saƙon murya. Na danna, muryarsa ta fito a gaban kowa: "Ɗana, nuna wa Inna wannan. Tun safe ban gane masa ba. In kun ce a kawo, to ku ware shi."

Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai. Ni na kai shi wajen mai ɗori, ni na riƙe shi ana jan hannun yana ihu. Hannun bai koma daidai ba, har yau da hagu yake ɗaga kaza.

Da na koma gida Inna na share akurkin da ba komai a ciki. Na buɗe hoton na biyu na miƙa mata. Kallo ɗaya ta yi masa ta maido mini da wayar.

"Wannan ai ko kyauta ba zan karɓa ba," ta ce, ta ci gaba da shara.