Sai An Gama Wancan

Ranar Litinin ta farko a watan Maris Manaja ya fara ganinta. Ya shigo ofis ya tarar da wata mace doguwa tana cire kalandar bango, mahaifinsa kuma yana riƙe mata kujerar da ta taka. Baba, mai kamfanin man shafawa, wanda ko biro ba ya ɗauko wa kansa.

"Ga 'yata," in ji Baba. "Ita za ta tsara mana fitar da sabon mai."

Kalmar ba ta yi wa Manaja daɗi ba, don matar ba 'yar gidansu ba ce, sabuwar ma'aikaciya ce. Shi ne ɗan fari, shi ke riƙe da talla, kuma ya riga ya faɗa wa dillalai cewa kaya za su fito a Yuni.

Malamar ta yi shekaru a wata maɗaba'a tana tsara wane aiki zai hau inji kafin wane. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, maɗaba'ar kuma ta rufe. Ba ta da yawan magana. Da ƙafa take zuwa aiki, ta sauya takalmi a bakin ƙofa, kuma ba ta shan shayin ofis, wai sukarinsa ya fi shi yawa.

A kamfanin nan akwai wata ɗabi'a: ba wanda ke faɗa wa Baba cewa aiki zai ɗauki dogon lokaci. Ko gini ya tambaya, amsar ita ce, "Sati ɗaya, Baba, in Allah ya so." Malama ta gane haka tun taron farko, sai ta daina tambaya a gabansa. Ta riƙa bin mutane ɗaya-ɗaya. Ta sami mai haɗa mai a ɗakinsa ta ce, "Bar maganar sati ɗaya. Wancan karon da ka yi irin wannan aiki, yaushe ka fara, yaushe ka gama? Me kake jira kafin ka soma? Wa ke jiranka?"

Daga nan ta jera katuna a bango, kowane aiki da katinsa, ta ɗaure su da zare. Sai an ajiye man a ɗakin zafi wata uku an ga bai lalace ba kafin a kai wa hukuma. Sai hukuma ta ba da lambar rajista, wajen wata biyu, kafin a buga takardar jikin kwalba. Sai an buga takarda a cika, a sa a kwali, a raba. Waɗannan ta ɗaure da jan zare, domin duk wanda ya makara a cikinsu ya ja ranar fitowa baya. Kwalabe da kwalaye ta sa musu fari, suna da sarari. A ƙarshe ta bar wata guda babu komai a ciki, ta rubuta Oktoba. Kafin mako ya zagayo ma'aikata sun laƙaba mata Sai-an-gama-wancan.

"Oktoba!" in ji Manaja. "Malama, man shafawa za mu fitar ko jirgin sama? Wannan watan da kika bari fanko kuma na hutunki ne?"

"Na abin da ba mu sani ba ne, Manaja."

Ya juya wajen mahaifinsa yana jiran a mara masa baya. Baba ya kafe gilashi yana bin jan zare da yatsa kamar mai koyon karatu. Tun daga ranar, in tsohon yana son sanin yaushe abu zai yiwu, sai ya wuce teburin ɗansa ya tsaya a gaban bango.

Manaja ya kai ƙara gida. "Shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa jin ya ce 'ɗana ya iya' ba. Ita daga zuwa da zare kamar mai saƙa..."

"To kai ma ka sayi zare mana," in ji matarsa. Bai ci abincin kirki ba ranar.

Ya ƙudura sai ya nuna an iya sauri. Ya matsa wa masu kwalabe da waya safe da yamma har suka kawo kaya tun kafin lokaci. Ya shigo ofis yana taku ɗai-ɗai.

"Kwalabe sun iso. Sai a matso da ranar."

"Sannu da ƙoƙari," in ji Malama, ta cire katin. "Amma farin zare ne. Za su zauna a sito su jira mai."

Baba ya yi dariya har da tari. Manaja ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

Sai ya koma kan jan zaren. Dabara ta zo masa, kuma ba ta banza ba ce: a buga takardar kwalba yanzu, a bar gurbin lamba, in ta fito a buga ta da hatimi. Bai faɗa wa Malama ba, don so yake ya ajiye takardun a gaban Baba ya ga fuskarta. Ya karɓi jerin sinadaran daga mai haɗa mai, ya kai maɗaba'a.

Takardun suka iso ranar da mai haɗa mai ya fito daga ɗakin zafi riƙe da kwalba, fuskarsa a murtuke. Wata guda da fara gwaji, man ya rabu, ruwa a ƙasa, maiƙo a sama. Dole a sauya sinadarin da ke haɗe su, a sake gwajin daga farko. Duk takardun Manaja ɗauke suke da tsohon jeri.

Baba ya dubi tarin takardun, ya dubi ɗansa, ya kau da kai. Da ma faɗa ya yi da ya fi sauƙi.

Malama ta matsar da katunan jan zare gaba ɗaya, watan da ta bari fanko ya cike tas. Sannan ta ɗauki takarda guda tana duba gurbin lambar.

"Baba, dabarar Manaja tana da kyau, lokacinta ne bai yi ba. In gwaji ya wuce, jerin ya tabbata, sai mu buga takarda muna jiran hukuma. Mun sami sararin mako biyu ke nan."

Ta kwance katin bugawa daga bayan na hukuma, ta ɗaura shi a gefensa.

"Ka gani ko?" Baba ya ce wa ɗansa. "Ko ɓarna aka ba 'yata sai ta fitar da amfani."

Manaja ya so a ce ta yi masa dariya, ko ta kai shi ƙara, ya sami abin riƙewa. Ba ta yi ba. Shi ya bi dillalai yana janye alkawarin Yuni, wani har yana tambayarsa, "To mu kira Malamar ne mu ji gaskiyar rana?"

Lambar hukuma ta makara da kwana goma, sararin da dabararsa ta samar ya shanye su. Kaya suka fita a Oktoba. Ranar ƙaddamarwa shi ya riƙe makirufo, shi aka ɗauka hoto da kwalba a hannu. Amma yana magana idonsa na kan layin baya, inda Baba ya bar kujerarsa ta gaba ya je ya zauna kusa da Malama, suna lissafin wani abu da yatsu.

A farkon shekara Baba ya raba aikin kamfanin. Talla ya bar wa ɗansa. Tsara lokaci da sa rana ya ba Malama, ya ce ko shi kansa ba zai ƙara yi wa kowa alkawarin rana ba sai ta sa hannu. Ta riƙe aikin shekara shida, ta fitar da kaya iri uku, biyu a kan lokaci, ɗaya ya makara saboda inji ya lalace. Bayan rasuwar Baba kamfanin ya koma hannun Manaja. Bai kore ta ba, bai kuma ƙara kiranta taro ba. Ta ajiye aiki da kanta, ta koma wani kamfanin sabulu a ƙetaren gari, inda take har yanzu.