Labule Takwas na Innarmu

Shekara talatin innarmu tana ɗinki, amma ba ta taɓa yin lissafin rabawa da kanta ba. Awo dai ta iya, ko ido a rufe. In aka zo rabawa kuwa, sai ta ajiye almakashi ta jira wani ya dawo daga makaranta. Ni ne wanin nan, har na yi gemu. Sai da ta kusa sittin ta shiga ajin manya, muna ta zolayarta da jakar littattafanta.

Wata ranar Asabar wata ma'aikaciyar asibiti ta kawo yadin labule mai kauri, na tagogi takwas. Ta ce shi ke nan ya rage a shagon da ta sayo, in ya ɓaci babu wani. Inna ta auna, inci 870. Ta miƙo min takarda kamar kullum, na rattaba mata 109 da kwata, ina danna waya da ɗaya hannun.

Ba ta ɗauki almakashi ba. Ta jawo littafinta ta zauna bakin keken ɗinki, tana lasar fensir. Takwas cikin takwas, ɗaya. Takwas cikin bakwai ba ya shiga, ta sa sifiri. Takwas cikin saba'in, takwas, saura shida. Shida bisa takwas, wato uku bisa huɗu.

"Ni 108 da uku bisa huɗu na samu," in ji ta.

"Haba Inna, yaushe kika fara?" Na faɗa, har da dariyata.

"Ba gardama zan yi da kai ba, ɗan boko. Malamarmu ta ce in ka raba, ka ninka amsarka da abin da ka raba da shi. In ka dawo inda ka taso, ka yi daidai. Kawo naka."

Ta ninka 109 sau takwas, 872. "Ka ga har ka wuce yadin, ban ma taɓa kwatarka ba. Kwata takwas biyu ne, 874 ke nan. Inci huɗun nan a gidan wa zan aro?"

Na duba, kunya ta rufe ni. Na sa tara cikin saba'in, alhali tara sau takwas saba'in da biyu ne. Da ta bi ni, da labule na ƙarshe ya fito ɗangalalle.

Sannan ta juya kan nata. 108 sau takwas, 864. Uku bisa huɗu sau takwas, shida. Ta haɗa, 870 cif!

Wallahi ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba. Ta yanka bakwai, ta ɗora na ƙarshe a kansu, baki ya hau baki. Ta daɗe tana shafa yadin, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Je ka harkokinka, ɗana," ta ce. "Na daina jiran kowa."