Shuɗin Motar Yaƙubu

Attahiru ɗan Azarori ne, amma a Madawa ya tsufa, a wani gareji bayan tasha inda yake fentin motoci. Tun yana saurayi ya tafi cirani, ya fara da goge ƙarfe da samfefa, ya dawo gida da sana'a a hannunsa. Ba shi da yawan magana. Direbobin Buza da Keita sun san shi da abu guda: in ya gyara ƙofa, sai mai motar ya nuna maka kafin ka gane wadda aka taɓa.

In aka kawo masa mota, yakan fara buɗe ƙofar direba ya nemi ɗan allon da ke manne a ginshiƙinta, in babu ya duba ƙarƙashin kapo, murfin injin. A nan lambar fenti take, ita yake aika wa mai haɗa fenti. Sai dai yakan ce lambar launin ranar da motar ta fito daga kamfani kawai ta sani, ba ta san zafin ranar ƙasar Adar ba. Yakan ɗaga robar ƙofa ya nuna maka launin asali da ya ɓuya, ya nuna wanda rana ta ci a waje. Tazarar da ke tsakaninsu, ita ce aikinsa.

Wata shekara, lokacin kakar albasa, tsohon abokinsa Yaƙubu, mai jigila daga Tamaske, ya kawo shuɗiyar motarsa. Amalanke ta loɓa mata ƙofa. Attahiru ya buge ƙarfen, ya shafa mastik ya cike ramukan da suka rage. Ya wanke gefen da ke kusa ya goge shi sosai, don ya cire furfurar da rana ta bari, ainihin launin ya fito. Fentin da ya zo bisa lamba ya fi motar duhu. Ya ɗiga masa fari kaɗan kaɗan, yana fesawa a guntun kwano, yana jira ya bushe, don jiƙaƙƙen fenti ba ya faɗin gaskiya. Ya kara kwanon a jikin motar da hantsi, ya ga sun zama ɗaya. Ya fesa ƙofar.

Da Yaƙubu ya zo ɗauka, ya daɗe tsaye gaban ƙofar. Ya shafa ta.

"Allah shi saka da alheri, Attahiru," ya ce. Bai ƙara ba.

Cima, matar Attahiru, ta kawo masa fura a lokacin, ta ga motar. Sai da suka kaɗaita a gida bayan la'asar ta yi masa maganar.

"Maigida, ƙofar nan ba ta dace ba. Ta fi sauran shuɗi, tun daga bakin hanya na gane ta."

"Na kara kwano, na duba."

"Na sani. Rannan ma ka ce zanena na bula baƙi ne."

Dama ya jima yana jin kamar hayaƙi a idonsa, yana ɗora laifin ga ƙurar mastik. Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne Yaƙubu ya gani, ya rufa masa asiri, ya tafi da ƙofar haka cikin direbobi.

Washegari ya kira shi ya ce ya maido motar. Yaƙubu ya ce babu komai, albasa ba ta duban fenti. Attahiru ya ce shi dai ya maido.

Wannan karon Cima ta zauna a kan benci a bakin garejin. Shi yake haɗawa, ita take dubawa. Ya fesa, su jira ya bushe, ta kai kwanon jikin motar, ta duba a rana, ta duba ta gefe.

"Har yanzu da saura. Motar ta ɗan yi toka-toka, wanga ya cika haske."

Ya gane abin da take nufi. Ya ƙara ɗigon baƙi da ɗan rawaya don ya kashe kaifin shuɗin. Suka yi ta yi har ta ce ba ta ganin iyaka. Da ya fesa ƙofar, ya watsa fentin sama-sama ya shiga gefen gaba da na baya, don launin ya narke cikin tsohon.

Da ya je asibiti daga baya, suka ce yanar ido ce, ita ke dusashe masa shuɗi. Aka yi masa aiki a ido ɗaya, ya buɗe. Ɗayan bai yi kyau ba. Ya ci gaba da aiki wasu shekaru, amma bai sake fesa mota ba sai wani ya duba kwanon tare da shi, yawanci Cima.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. A motar Yaƙubu aka kai shi Azarori, aka rufe shi kusa da mahaifinsa.