Yadda Yaya Rakiyya Ta Ɓace a Cikin Littafinta

Yayata Rakiyya ba ta iya gajeriyar magana ba. In ka tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta faro maka daga wanda ya sayo agogon. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare a nan Gumel, kuma har gobe tsofaffin ɗalibanta, daga masu keke-napep zuwa ma'aikatan sakatariya, in sun durƙusa gaishe ta dariya suke yi, don sun san rabin awa ta tafi. Ni ƙanwarta Ummulkhair na fi kowa shan wannan surutu, amma yanzu da tsufa ya rage shi, wallahi kewarsa nake ji.

Burinta ɗaya ne tun muna 'yan mata: ta ga sunanta a bangon littafi. Damar ta zo shekara ashirin da suka wuce, lokacin da take koyar da matan aure karatu da yamma. Ofishin da ke kula da ajujuwan ya nemi ɗan littafin labari da matan za su iya karantawa da kansu. Aka ba ta aikin ita da aminiyarta Malama Mansura, wadda suka yi makarantar horon malamai tare, aure ya kai ta Maigatari.

Suka tsara labarin wata mai ƙuli-ƙuli, Rahamatu, da ta shiga aji da girmanta. Suka kuma yanke cewa kowacce za ta rubuta sakin layi ɗaya ta miƙa wa 'yar'uwarta, don kada wata ta fi wata. Wani direba, Cindo, shi ke kai littafin rubutun Maigatari ya dawo da shi, tsakanin buhunan gero. Wani lokaci ya kwana a can, wani lokaci ya dawo yana ƙanshin man gyaɗa. Ranar da ya iso, ko tuwo ke kan wuta sai Yaya ta bar mini muciya.

Da suka kai rabi, aka ba matan ajin su gwada. Ina cikinsu a zaune, na zo kallo. Mace ta ɗauki sakin layin Mansura ta wuce sumul. Ta shiga na Yaya, sai ta fara tuntuɓe, numfashi ya ƙare mata tun jimla ba ta kai tsakiya ba. Kafin a gama shafi uku, matan sun gano wasan. Da an shiga wani sakin layi sai su haɗa baki: “Wannan na Malamarmu ne!”

Abin a fili yake. Mansura takan ce, “Rahamatu ta sauke kasko. Ta wanke hannu. Ta ɗauki fensir.” Ita kuwa Yaya ba ta kiran matar da sunanta ma, sai “baiwar Allah”, ta jero jimla mai rassa, ta rufe da karin magana da ɗan wa'azi. Sai ka ga kamar Rahamatu biyu ce, ɗaya tana aiki, ɗaya tana sauraron nasiha.

Jami'in ofishin bai ɓoye ba. Ya ce, “Malama, littafin nan kamar rigar da tela biyu suka ɗinka. Ko ya zama murya ɗaya cikin wata uku, ko mu bar wa Malama Mansura ta ƙarasa ita kaɗai. Nata ne matan ke iya karantawa.”

Ta dawo gida ranta a ɓace. Na ce mata, “Yaya, hali zanen dutse ne, ki haƙura.” Ta harare ni, ta ce in je in duba miyata.

Gwajinta na farko abin dariya ne. Ta daddatse jimlolinta kamar mai yanka kuɓewa, kalma biyu biyu. Cindo ya dawo da littafin da ɗan rubutun Mansura a gefe: “Aminiya, kwaikwayona kike yi ko ba'a?” Nan ta gane gajarta kaɗai ba ita ce muryar Mansura ba.

Sai ta koma ɗaliba. Ta kwafe duk sakin layin Mansura da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa da ƙarfi tana lura da inda numfashi ke tsayawa. Ta gano cewa bayan gajerun jimloli biyu ko uku, Mansura takan saki doguwa guda, ta huta a kanta. Ta gano ba ta taɓa cewa Rahamatu ta ji kunya ko ta yi murna, sai dai ta nuna abin da hannunta ke yi. Ta rubuta jerin kalmomin da ita take so amma Mansura ba ta taɓa amfani da su, ta manna a bangon ɗaki, ta haramta wa kanta su. Ta kuma koyi kama bakin zare: in Mansura ta tsaya a kan fensir, ita ma daga fensirin za ta tashi, ba daga halin duniya ba. Karin magana ce ta fi yi mata wuyar saki. Da Mansura ta ga haka, sai ta ƙirƙiro wata tsohuwa a labarin, ta ce duk karin maganar da ta matsa wa Yaya ta sa a bakin tsohuwar, ita ma ta riƙa sa mata ɗaya-ɗaya.

Duk tsofaffin sakin layinta sai da ta sake su. Ranar da aka sake gwadawa, matan suka karanta shafi shida babu wadda ta yi ihu. Aka buga littafin, siriri, da sunayensu biyu a bango. Yaya ta yi ta shafa shi kamar jariri.

Bara muka je Maigatari gaida Mansura. Yanar ido ta rufe mata gani, tana zaune a tabarma da carbi. Bayan an sha fura ta ce, “Aminiya, karanta mini littafinmu.”

Yaya ta karanta har ta zo inda Rahamatu ta fara rubuta sunanta. Rahamatu ta danna fensir har ya huda takarda. Ta goge da yawu. Ta sake. Da ta gama, ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zaninta, inda take ƙulle abin da ba ta so ya ɓata.

Na san wannan wurin sarai. Mahaifiyarmu ce, Iya. Haka ta yi ranar da Yaya ta koya mata rubuta sunanta, wata biyu kafin rasuwarta. A gabana Yaya ta rubuta sakin layin nan, ta sake shi ya fi sau goma, tana share ido.

Mansura ta ɗaga hannu, fuskarta ta washe. Ta ce, “Tsaya nan. Wannan nawa ne. Duk littafin babu inda na fi so kamarsa. Kai, a lokacin hannuna yana da kyau!”

Na buɗe baki, Yaya ta taka mini ƙafa. Ta ce, “Naki ne, Aminiya. Allah ya yi miki baiwa.” Ta ci gaba da karatu.

A mota ban iya haƙuri ba, raina ya sosu. Na ce, “Haba Yaya, Iyarmu ce fa! Me ya hana ki gaya mata?”

Ta juya tana kallon gonakin bakin hanya. Ta ce, “Wata uku na yi ina wahala don Mansura ta ji rubutuna ta ce nata ne. Yau ta faɗa. Ban dai san zai yi zafi haka ba.”